Yadda ake rubuta wa maigida wasiƙar neman dogon hutu daga Kumasi zuwa gida

Shekaru da dama ke nan ina taya 'yan uwa rubuta wasiƙa a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, kuma wadda aka fi kawo mini ita ce ta neman zuwa gida. Mutum ya yi shekara biyu ko uku bai ga tsohuwarsa ba, an haifar masa ɗa har ya fara tafiya bai taɓa ɗaukarsa ba, sai ya zauna a gabana ya ce, "Malam, ka rubuta musu cewa ina son wata biyu." In na tambaye shi ranar da zai dawo bakin aiki, sai ya ce, "In Allah ya yarda ba zan daɗe ba." To, a nan wasiƙa take mutuwa tun ba a rubuta ta ba. Maigida ba ya jin nauyin sakinka kamar yadda yake jin tsoron rashin sanin ranar dawowarka, don haka duk aikin wasiƙar shi ne ta ba shi rana ɗaya wadda zai iya dogara da ita, kai ma kuma ka san za ka iya cika ta.

Zan bi abin da misalin wani yaro ɗan ƙasar Katsina, mai riƙe da makullan sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a unguwar Kaase. Yana aiki daga Litinin zuwa Juma'a, ya shekara uku a wurin, kuma garinsu ƙauye ne da sai an sauka a Kano an sake mota biyu kafin a kai. Za a aurar da ƙanwarsa bayan kaka, ga ɗakin mahaifiyarsa da ruwa ya ci yana son ya tsaya a kan gyaransa.

Da farko ka san abin da yake haƙƙinka

Kafin ka ɗauki biro, ka raba kwanakin da kake nema gida biyu: waɗanda doka ta ba ka, da waɗanda alfarma za a yi maka. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta ce a sashe na 20 duk ma'aikacin da ya yi shekara yana aiki ba yankewa yana da hutun da bai gaza kwana 15 na aiki ba, da cikakken albashinsa. Dokar ba ta ware baƙo ba. Ta kuma ce ranakun hutun gwamnati da kwanakin jinya da likita ya tabbatar ba sa cin wannan hutu, sannan duk wata yarjejeniya da aka yi cewa ma'aikaci ya yafe hutunsa ba ta da ƙarfi. Wasu kamfanoni suna ba da fiye da 15, musamman ga wanda ya daɗe ko inda akwai ƙungiyar ma'aikata, saboda haka ka duba takardar ɗaukarka aiki, ko ka tambayi akawun da ke riƙe da littafin hutu ya faɗa maka kwana nawa ke gare ka a bana.

Kalmar da ya kamata ka lura da ita ita ce "kwanan aiki". Ga wanda yake hutawa Asabar da Lahadi, kwana 15 na aiki mako uku ne cur. In ya tashi aiki ran Juma'a ya kama hanya da asubar Asabar, ya dawo bakin aiki ran Litinin bayan mako uku, kwana 23 ke hannunsa. Wanda yake aiki har Asabar kuwa, irin masu gadi da 'yan kanti da yawa, kwana 15 ɗinsa mako biyu ne da kwana uku, wato kamar kwana 18 ke nan in ya haɗa da Lahadin farko. Wannan bambanci na kwana biyar ya isa mutum ya je Legas ya dawo, amma da yawa ba sa lissafa shi sai suna hanya.

Duk abin da ya haura haka, hutu ne ba albashi, kuma yardar maigida ce kawai take ba da shi. Ba za ka je ofishin ƙwadago ka kai ƙara don an hana ka shi ba. Shi ya sa nake hana mutane cakuɗa su biyun a jimla ɗaya. In ka ce "ina neman mako shida" kai tsaye, ka mayar da haƙƙinka ma ya zama roƙo, kuma in an ƙi sai a ƙi gaba ɗaya. In ka ce "mako uku na hutun shekara, da ƙarin mako uku ba albashi", ka bar wa manaja wurin da zai rage ba tare da ya taɓa naka ba.

Akwai masu cewa ai ba su ɗauki hutun bara ba, don haka suna da kwana 30. Wasu wuraren suna yarda a tara, wasu ba sa yarda. Kada ka gina tafiyarka a kan kwanakin bara sai ka gan su a rubuce da sa hannun wanda ya isa.

Sai ka auna hanya da gaskiya

Nan ne aka fi yaudarar kai. Mutum yana tuna tafiyar da ta fi yi masa sauƙi a rayuwarsa, sai ya ɗauka kullum haka hanya take. Ni kuwa nakan ce a lissafa da tafiyar da ta fi ba ka wahala.

Ga hanyar ɗan Katsinan nan. Daga Kumasi zuwa Accra kusan kilomita 250 ne, amma da cunkoson shiga gari sai ya cinye maka mafi yawan yini. Daga Accra zuwa Legas bai kai kilomita 500 ba, sai dai akwai iyaka uku a tsakani: Aflao zuwa Togo, Hilakondji zuwa Benin, sannan Seme zuwa Najeriya, ga shingayen jami'ai jere daga Seme zuwa Badagry. Fasinja ɗaya in takardarsa ba ta cika ba, duk motar ce za ta tsaya jiransa. Daga Legas zuwa Kano kuma kusan kilomita 1,000, ta Ibadan da Ilorin da Jebba da Mokwa har Kaduna da Zariya, kuma da wuya ka sauka Legas ka tarar da motar Arewa tana shirin tashi. Galibi sai ka kwana wajen 'yan uwa a Agege ko Alaba Rago. Bayan Kano ga motar Katsina, ga ta ƙauye wadda ba ta tashi sai ta cika, wani ƙauyen ma sai ranar kasuwa ake samun mota da sauƙi.

Da muka zauna da shi muka jera wannan, kwana huɗu muka samu a zuwa, huɗu a dawowa. Na ce ya ƙara biyu na ko-ta-kwana, kuma duka biyun a ɓangaren dawowa. Dalili shi ne in ka makara a zuwa, kwanan gida ka rasa, ba wanda zai tuhume ka. In ka makara a dawowa, aikinka ne a kan layi. Ga shi kuma dawowa ta fi zuwa nauyi: ana ta "bari gobe" a gida, an ɗora maka buhun gero da kilishi da saƙon mutum goma, jikinka ya gaji. Wanda ya sauka Kumasi da daren Lahadi ya shiga sito da safen Litinin, ranar ce zai yi kuskuren ƙirga da zai ɓata masa suna.

Hanya ke nan ta ci kwana 10. Cire su daga 23, saura 13. Yaron ya kalli takardar ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, kwana goma sha uku ko gaisuwar dangi ba zan gama ba." Gaskiya ya faɗa, kuma wannan lissafin shi ne hujja mafi ƙarfi da za ta shiga wasiƙar. Manajan da garinsu Mampong ne ko Obuasi, wanda yake zuwa gida ran Asabar ya dawo Lahadi, bai taɓa zama ya yi tunanin cewa kusan rabin hutunka a cikin mota yake ƙarewa ba. Ba mugunta ba ce, ba a taɓa nuna masa ba ne.

'Yan uwanmu na Nijar lissafinsu ya fi wannan wuya. Tsohuwar hanyar Tamale da Bolgatanga da Paga, a shiga Wagadugu a bi Fada Ngurma da Kantchari zuwa Yamai, rashin tsaro ya lalata ta a gabashin Burkina Faso. Ta Benin kuma, bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, mutane suka koma tsallaka kogi a jirgin ruwa. Wanda zai bi can ya je tasha ya nemi direba ko fasinjan da ya iso cikin makon nan ya ji yadda hanya take, sannan ya ninka kwanakin ko-ta-kwana.

Ka duba kalandar maigida kafin taka

Yaron ya zo da ranakunsa a shirye. Yana son ya tashi Asabar 1 ga Nuwamba, ya ci hutun shekara daga Litinin 3 zuwa Juma'a 21, ya ɗora mako uku ba albashi, ya dawo aiki Litinin 15 ga Disamba. Kwana 44 ke nan, a cire 10 na hanya, 34 a gida. Lissafi ya yi kyau. Sai na tambaye shi yaushe sitonsu ya fi cika da aiki. Ya ce daga farkon Disamba har bayan Kirsimeti ko zama ba sa samu, motoci suna layi tun asuba, kuma a ƙarshen shekara ake ƙirga kaya gaba ɗaya. Na ce to wannan wasiƙar ba sai mun wahalar da takarda ba, an riga an ƙi ta.

Muka ja komai baya da mako biyu. Tashi Asabar 18 ga Oktoba, hutun shekara daga Litinin 20 ga Oktoba zuwa Juma'a 7 ga Nuwamba, hutu ba albashi daga 10 zuwa 28 ga Nuwamba, komawa aiki Litinin 1 ga Disamba. Kwanakin ba su ragu ko da ɗaya ba, 44 ɗin ne dai, amma yanzu yana iya cewa manaja, "Zan dawo kafin aikin Kirsimeti ya taso." Bikin ƙanwarsa an yi maganar tsakiyar Nuwamba, ya faɗa ciki daidai.

Kowace sana'a tana da nata lokacin. Masu aiki a rumbunan koko sun san lokacin babbar kaka ba lokacin tafiya ba ne. Mai aiki a makaranta ya nemi dogon hutun ɗalibai. Mahauta da 'yan kara ba sa motsi gab da Babbar Sallah. Sallah ɗin ma, ko da yake Ƙarama da Babba duk hutun gwamnati ne a Ghana, in ku Musulmi huɗu ne a wurin aiki kuma duk kuna son tafiya lokaci ɗaya, ku zauna ku sasanta tsakaninku tukuna, kada ku bar wa manaja ya zaɓa.

Abu ɗaya da nake roƙon mutane kullum: kada a sa ranar biki a gida kafin takardar hutu ta fito. Na sha ganin an buga kati, an gayyaci jama'a, sannan ango ko waliyyi ya zo yana neman hutu da wuƙa a wuya. A ce wa mutanen gida su ba da tazara, "tsakanin kaza da kaza", a tsayar da rana bayan an sa hannu.

Game da lokacin miƙawa, sashe na 27 na dokar ya tanadi a sanar da ma'aikaci ranar fara hutunsa aƙalla kwana 30 kafin ta zo. Tunda kai ƙari kake nema a kan haka, ka kai wasiƙarka wata biyu kafin tafiya. Ta yaron nan a tsakiyar Agusta muka rubuta ta.

Wa zai riƙe maka aiki

Tambayar farko da manaja zai yi a ransa ke nan, don haka ka amsa ta kafin ya yi. Ka nemi abokin aikin da ya san aikinka, ka yi magana da shi ya yarda, sannan ka sa sunansa. Kada ka rubuta sunan mutum bai sani ba. In aikinka na riƙon kaya ne ko kuɗi, ka nemi a ƙirga komai a gabanka da wanda zai karɓa, ku sa hannu ku biyu, ranar da za ka tafi da ranar da ka dawo. Wannan kariyarka ce. Katan goma na madara in suka ɓace a mako na huɗu, wanda ba ya nan shi ne ya fi sauƙin ɗora wa laifi.

A wuraren gadi da ƙananan shaguna an saba mutum ya kawo ɗan uwansa ya tsaya masa. Yana yi, amma sai maigida ya gan shi ya amince, kuma a fayyace wa zai biya shi. In kai za ka biya daga aljihunka, ka sa shi cikin lissafin kuɗin tafiya.

Kuɗin ma a yi maganarsa. A ce albashinka sidi 1,800 ne a wata. In aka raba shi da kwanan aiki 22, kowace rana ta kama kusan sidi 82, kwana 15 ba albashi sun cinye kusan 1,230. Wato a ƙarshen Nuwamba abin da zai shigo maka bai kai sidi 600 ba, kana ƙauye, ka kashe abin hannunka a biki, ga kuɗin motar dawowa. Mutane da yawa ba iyaka ce take tsare su ba, rashin kuɗin mota ne. Ka ware kuɗin dawowa tun a Kumasi, ka bar shi inda hannun biki ba zai kai ba. Ka kuma tambayi akawu yadda za a yanke, da yadda abin zai shafi kuɗin fanshonka na SSNIT a wannan watan, don kada ka dawo ka tarar da abin da ba ka zata ba.

Ita kanta wasiƙar

Da Turanci za a miƙa ta a yawancin wurare, amma ka fara tsara ta da Hausa, ka tabbatar kowace jimla abin da kake nufi ce, sannan ka sami wanda zai juya maka. In ya gama ya karanta maka ya fassara baki da baki. Shafi ɗaya ya isa. A sama ka sa sunanka kamar yadda yake a takardar albashi, da lambarka ta ma'aikaci in akwai, da sashenka, da kwanan wata. Ka aika wa wanda yake da ikon sa hannu, ta hannun shugabanka na kusa, domin tsallake shi yakan sa ya zama shi ne mai hana ruwa gudu. Ga abin da muka rubuta:

"Ranka ya daɗe,

Neman hutun shekara da ƙarin hutu ba albashi

Ina neman izinin ɗaukar hutuna na shekara, kwana 15 na aiki, daga Litinin 20 ga Oktoba zuwa Juma'a 7 ga Nuwamba. Ina kuma roƙon a ƙara mini kwana 15 na aiki ba tare da albashi ba, daga Litinin 10 zuwa Juma'a 28 ga Nuwamba. Zan koma bakin aiki ranar Litinin 1 ga Disamba da ƙarfe 7 na safe.

Garinmu yana jihar Katsina a arewacin Najeriya. Tafiya a mota tana ɗaukar kwana huɗu a zuwa, huɗu a dawowa, ta kan iyakokin ƙasa uku. Shekara uku ke nan ban je ba. Za a aurar da ƙanwata a tsakiyar Nuwamba.

Na zaɓi waɗannan ranaku ne don in dawo kafin aikin Disamba ya fara. Zan baro gida ranar 25 ga Nuwamba, in iso Kumasi kwana biyu kafin ranar aiki. Abokin aikina wane ya yarda ya riƙe sito, kuma ina neman a ƙirga kaya a gabanmu ranar Juma'a 17 ga Oktoba.

In kwana 15 na ƙarin sun yi yawa, ina roƙon a ba ni 10, in koma aiki ranar Litinin 24 ga Nuwamba.

Za a same ni a wannan lamba, ko ta hannun yayana wane da ke Asawase a wannan lamba. Ina roƙon a ba ni amsa a rubuce.

Na gode."

Ka lura ranar komawa ta zo tun a sakin farko, da sunan ranar da kwanan wata har da ƙarfe. Dalilin tafiya layi biyu kawai ya ci. Mutanenmu suna son su zuba duk damuwarsu a takarda, rashin lafiyar kawu da rigimar gona da bashin da ake bin gida, suna ganin tausayi zai sa a sake su. Abin da manaja yake karantawa a ciki shi ne: wannan mutumin matsalolinsa ba za su ƙare a mako shida ba. Dalili ɗaya mai ranar farawa da ranar gamawa ya fi goma marasa iyaka.

Kada kuma ka yi ƙaryar rasuwa. Na san ana yi, kuma na ƙi rubuta wa mutane irinta ba sau ɗaya ba. Ban da nauyinta a wurin Allah, zango ƙarami ne, magana tana zagayawa, kuma ranar da rasuwar gaske ta zo ba wanda zai yarda da kai.

Sakin da ya ba da zaɓi na biyu wasu suna jin tsoronsa, wai in ka nuna za ka karɓi 10 ba za a ba ka 15 ba. Yana iya faruwa. Amma abin da na fi gani shi ne manajan da aka ba zaɓi ɗaya tak, in bai yi masa ba sai ya ce a'a ya wuce, wanda aka ba biyu kuwa yakan tsaya ya auna. Sharaɗin kawai shi ne zaɓi na biyun ma ka lissafa shi da hanya. A nan, komawa ran 24 ga Nuwamba tana nufin barin gida ran 18, kwana 27 a gida, kuma biki ya riga ya wuce.

A rubuce, da hatimi

Wannan a jikina na koya. Ina saurayi ina aikin awo a wani wurin katako, na sami manajanmu a bakin mota na ce ina son zuwa gida wata ɗaya da rabi. Ya dafa kafaɗata ya ce in je in gaida tsofaffi. Na tafi da farin ciki. Kafin in dawo an mayar da shi wani reshe, wanda ya gaje shi ya buɗe littafi ya ga sunana da jan biro mako shida, ba takarda ko ɗaya. Na tsaya a ofishinsa da ledar kilishin da na kawo tsaraba a hannu, ina rantsuwa, yana tambayata, "Ina shaida?" Ba ni da ita. Wani aka riga aka ɗauka a gurbina.

Saboda haka ka buga kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayan ka riƙe. In amsa ta fito, ka duba ranakun da aka rubuta su ne ka nema, ka duba an ambaci cewa ƙarin hutu ne da izini kuma za ka koma gurbinka. Inda maigida mutum ɗaya ne mai shago ba hatimi, ya sa hannu a ƙasan wasiƙar a gaban shaida, ko aƙalla ya amsa maka da saƙon waya mai ɗauke da ranakun. In ɗakin da kake kwana na wurin aiki ne, a faɗi matsayinsa a takardar. Ka ɗauki hoton komai a waya, ka bar kwafi wurin ɗan uwa a Kumasi, ka tafi da ɗaya, domin a kan iyaka ma takardar da ke nuna kana da aiki a Ghana takan rage yawan tambaya.

Sauran takardunka ma ka duba ranar mutuwarsu tun kana rubuta wasiƙa: fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, katin allurar shawara da ake ce wa yalo kad, katin zama na baƙi wanda ake sabuntawa duk shekara, da izinin zama ko na aiki in kana da shi. Wanda zai mutu kana gida, ka sabunta shi kafin ka tashi.

Dokar ta yarda maigida ya katse maka hutun shekara in wata larura ta gaggawa ta taso, amma sauran kwanakin suna nan naka, kuma shi zai ɗauki kuɗin da katsewar ta jawo. Ga mai tafiyar kwana huɗu wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya kamata ka san shi ko da ba ka sa a wasiƙa ba.

In hanya ta riƙe ka

Iyaka tana rufuwa ba shiri. Najeriya ta rufe nata na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, Ghana ta rufe nata a Maris na 2020 saboda korona ba ta buɗe ba sai Maris na 2022, kuma lokacin zaɓe ma akan rufe na ɗan kwanaki. Mota tana lalacewa, gada tana karyewa da damina. Kwana biyun nan na ko-ta-kwana don irin wannan aka ajiye su, amma ranar da ka ga za su ƙare, ranar za ka kira, ba ranar Litinin da ake jiranka ba. Ka kira shugabanka, ka bi da saƙo a rubuce mai faɗin inda kake da abin da ya faru da sabuwar ranar isowa, ka haɗa da hoton tikiti. In rashin lafiya ce, ka karɓi takardar asibiti mai hatimi. Layin Ghana ba lallai ya kama a ƙauyenku ba, shi ya sa muka sa lambar yayansa na Asawase, wanda zai iya takawa da ƙafarsa har Kaase ya yi bayani.

Abin da ba ya gyaruwa shi ne ka yi shiru, ko ka kira daga gida kana neman ƙarin mako biyu don an ce ka tsaya suna. Wanda ya yi haka ya rufe ƙofa ga duk ɗan zangon da zai kai irin wannan wasiƙa bayansa a wurin.

Amsar yaron ta fito bayan kwana tara. Manaja ya ja layi a kan 15 ya rubuta 10 da hannunsa, ya ce a makon ƙarshe na Nuwamba ake fara sauke kayan Kirsimeti, yana son mai makulli yana nan. Ya kawo mini takardar ransa a ɗan ɓace. Muka sake ɗauko kalanda, muka sa da'ira a kan Talata 18 ga Nuwamba, ranar barin gida, na ce ya kira mahaifiyarsa a daren nan ya faɗa mata wannan ranar tun kafin ya faɗa mata ranar isowarsa. Ya kira a gabana, ta ce to a tsayar da ɗaurin aure Juma'a 14 ga wata, masu gyaran ɗaki kuma su fara tun makon da ya sauka.